Gangarar Jari: Yadda Faɗuwa Bakwai a Jere Ke Cinye Rabin Asusu, da Dalilin da Ya Sa Ramawa Ke da Wuya

Gangarar jari ita ce tazarar da ke tsakanin matsayi mafi girma da kuɗin mutum suka taɓa kaiwa da inda suka faɗo bayan haka, kafin su sake hawa. Masu cinikin kuɗaɗen ƙasashe da kirifto a waya za su ga an rubuta ta da sunan `Drawdown` a cikin rahoton asusunsu. Ni dai gangara nake ce mata, domin daga kan tudu ake auna ta zuwa kwari, ba daga inda aka faro tafiya ba.

Daga Kagarawal nake rubuto wannan, a cikin garin Gombe, kuma ina da dalilin aiko da shi ga 'yan'uwa mazauna Kudu. A nan unguwar, kamar sauran unguwannin Arewa, akwai samarin da suka rungumi wannan ciniki na waya, kuma jarin wasu daga cikinsu daga hannunku yake fitowa: yaya yana Agege ko Sabon Ibadan, kawu yana Fatakwal ko Anacha, ya turo wa ƙane wani abu ya juya. Idan kuɗin suka zabge sai a fara zargi. Mai kuɗi ya ce an cuce shi, yaro ya ce kasuwa ce ta juya masa baya. Sau da yawa ba cuta a ciki, kuma kasuwa ba ta yi wani abin mamaki ba. Lissafi ne kawai da babu wanda ya zauna ya yi tun farko.

Yadda ake auna ta

A ce ka zuba naira 500,000, ciniki ya yi kyau har ta kai 800,000, daga nan ta sauko 600,000. Kai a ranka kana kan ribar 100,000, kuma gaskiyarka. Amma gangararka 200,000 ce daga cikin 800,000, wato kashi 25 cikin ɗari. Abin da ya sa ake aunawa daga tudu shi ne, waccan 800,000 ɗin kuɗinka ne a ranar, da ka ga dama ka cire. Kuma hanyar cinikin da ta iya cin rubu'in kuɗin a lokacin da kake sama, za ta iya cin rubu'in a makon farko, lokacin da babu ribar da za ta tare maka uwar kuɗi.

Me ya sa ramawa ta fi faɗuwa nauyi

Wannan ɓangaren duk ɗan kasuwa ya san shi a jikinsa, ko da bai taɓa rubuta shi ba. Ɗauki mai sayen hatsi a kasuwar Tudun Hatsi da ke nan Gombe. A ce ya sayi buhu a kan 100,000 ya ajiye, farashi ya karye ya dawo 60,000. Ya faɗi da kashi 40 cikin ɗari. To idan farashi ya sake tashi da kashi 40, ya fita? Bai fita ba. Kashi 40 na 60,000 naira 24,000 ce, buhu ya koma 84,000 kenan, da sauran 16,000 a ƙasa. Kafin ya ga 100,000 ɗinsa sai farashi ya ƙaru da 40,000 a kan 60,000, wato kusan kashi 67. Waɗanda suka ɓoye hatsi da tsada a ƙarshen 2024, farashi ya zube musu a 2025, ba sa bukatar a yi musu dogon bayani a kan wannan.

Sirrin ba wani mai zurfi ba ne. Asara daga babban kuɗi ake yankarta, riba kuwa a kan ɗan abin da ya rage ake gina ta. Ga yadda ake lissafin:

```
ribar da ake bukata = asara ÷ (100 − asara) × 100
```

Idan ka faɗi da kashi 10, kana bukatar kashi 11 da ɗoriya, abin da sauƙi. Kashi 20 na bukatar 25. Daga nan tazarar take fara buɗewa: kashi 30 na neman kusan 43, kashi 50 na neman 100 cif, wato sai ka ninka abin da ya rage. Kashi 70 na neman 233. Wanda ya rasa kashi 90 kuwa sai ya ninka ragowar sau goma. Abin lura shi ne nauyin ba a hankali yake ƙaruwa ba. Daga 10 zuwa 20 kusan tafiya ɗaya suke yi, amma da an wuce 30 zuwa 40, kowane ƙarin kashi goma na asara yana jawo bashin da ya fi na baya nesa ba kusa ba.

Faɗuwa a jere ba baƙon abu ba ce

Nan ne mutane suka fi ruɗuwa. Yaro zai ce maka hanyarsa tana cin rabi, tana faɗuwa rabi, sai ya ɗauka ma'anarta ci ɗaya, faɗuwa ɗaya, kamar ana karɓa-karɓa. Ba haka abin yake zuwa ba. Ka ɗauki kwabo ka wurga sau ɗari kana rubutawa, za ka ga fuska ɗaya tana fitowa sau biyar, sau shida a jere, ba tare da kowa ya yi wa kwabon komai ba.

Masu ilimin lissafi sun ƙididdige wannan. Ga wanda damar cinsa da ta faɗuwarsa daidai suke, a cikin ciniki 100, yiwuwar ya gamu da faɗuwa biyar ko fiye a jere ta kai kusan kashi 81 cikin ɗari. Shida a jere, kusan kashi 55. Bakwai a jere, kusan kashi 32, wato mutum ɗaya cikin uku. Mai shiga ciniki biyu ko uku kullum zai cika ɗari cikin wata biyu, a shekara kuwa ya yi ɗaruruwa, don haka bakwai a jere tana nan tafe, ranar zuwanta ce kawai ba a sani ba. Idan kuma hanyar tasa irin wadda ke cin huɗu cikin goma ce, amma cin nata manya ne, to yiwuwar bakwai a jere cikin ɗari ta kai wajen biyu cikin uku, alhali hanyar lafiyarta ƙalau.

Saboda haka tambayar da ta dace ba "zan faɗi sau bakwai a jere?" ba ce. Tambayar ita ce, ranar da hakan ta faru, nawa zai rage a asusun?

Misali: jari ɗaya, faɗuwa ɗaya, hannu huɗu

Bari mu ƙaddara samari huɗu a Kagarawal, kowanne an turo masa naira 500,000 daga Legas. Hanya ɗaya suke bi, lokaci ɗaya suke shiga, lokaci ɗaya suke fita, kuma duk sun gamu da faɗuwa bakwai a jere. Bambancinsu ɗaya ne tak: nawa kowa yake yarda ya rasa a ciniki guda.

Na farko kashi 2 cikin ɗari na abin da ke asusun yake sakawa a haɗari. Faɗuwar farko ta ci 10,000, ta biyu 9,800, haka dai tana raguwa kaɗan-kaɗan tunda asusun ma yana raguwa. Bayan bakwai yana da kimanin 434,000. Gangararsa kashi 13 ce, yana bukatar ribar kashi 15 ya koma inda yake. Ransa zai ɓaci, amma zai yi barci.

Na biyu ya ce kashi 2 wasan yara ne, yaushe za a tara kuɗin aure da haka? Shi kashi 10 yake sakawa. Ka bi shi a hankali: 450,000, sai 405,000, sai 364,500, sai 328,050, sai 295,245, sai 265,720, ta bakwai ta bar shi da kimanin 239,000. Fiye da rabin jarin ya tafi, kashi 52. Yanzu yana bukatar ribar kashi 109, wato ya ninka abin da ke hannunsa har da ɗori. Ka lura bai yi wani ganganci na daban ba, bai karya ƙa'idar hanyarsa ko sau ɗaya ba. Faɗuwar da ta samu na farko ita ce ta same shi.

Na uku bai damu da kashi-kashi ba. Tun ranar farko ya tsayar da 50,000 a kowane ciniki, bai rage ba ko da asusun ya rame. Bakwai sau 50,000 naira 350,000 kenan, saura 150,000. Gangarar kashi 70, ramuwar kashi 233. A cinikinsa na bakwai, 50,000 ɗin nan rubu'in duk abin da ya rage masa ce, amma shi a idonsa adadin jiya ne bai canza ba.

Na huɗu shi ne wanda na fi jin tsoro, domin dabararsa tana da daɗin ji. Ya fara da 10,000 kamar na farko, amma duk sanda ya faɗi sai ya ninka, wai ci ɗaya zai share duk asarar baya. To 10,000, 20,000, 40,000, 80,000, 160,000: faɗuwa biyar sun lashe 310,000, saura 190,000. Ciniki na shida yana bukatar 320,000, ba shi da ita. Dabarar ta mutu tun kafin a kai ta bakwai, kuma ka tuna biyar a jere ita ce wadda ke samun mutum takwas cikin goma. Mugun abin da ke cikin wannan hanya shi ne tana iya yin wata da watanni tana ba da ƙananan riba kullum, har mutum ya fara koya wa wasu, kafin ranar ta zo.

Yanzu a ce kasuwa ta yi adalci, ta ba na farko da na biyu ci bakwai a jere, kowane ci daidai da girman faɗuwa. Na farko zai koma kimanin 498,600, kusan ya fita. Na biyu zai tsaya a wajen 466,000. Ci bakwai, faɗuwa bakwai, amma naira 34,000 ta ɓace. Ina ta shiga? Duk sanda aka cire kashi 10 aka mayar da kashi 10, kashi 1 yana zubewa: 100 ta koma 90, 90 ta koma 99. Idan ya yi ciniki ɗari a haka, ci hamsin faɗuwa hamsin, 500,000 ɗinsa za ta dawo kimanin 302,500, ko ta wane tsari cin da faɗuwar suka zo. Mai kashi 2 kuwa zai tashi da wajen 490,000. Kuma duk wannan ban sa ladan dillali da ake cira a kowane ciniki ba.

Yadda ake mayar da kashi 2 zuwa girman ciniki

Faɗin kashi 2 a baki ba ya tsare kowa, sai an juya shi zuwa lambar da ake rubutawa a manhaja. A ce asusun dala 300 ne. Kashi 2 dala 6 kenan. Mutum zai shiga cinikin `EURUSD`, ya sa iyakar asararsa, wato `Stop Loss`, a tazarar `pip` 30 daga inda ya shiga. `pip` shi ne ɗan ƙaramin matakin da ake ƙirga motsin farashi da shi. Dala 6 a raba gida 30, kowane mataki kada ya wuce santi 20. A wannan ciniki, girman 0.01 yana daidai da santi 10 a kowane mataki, don haka 0.02 ne haƙƙinsa. Wanda ya rubuta 0.10 a wannan asusu da wannan tazara, dala 30 ya saka a haɗari, ya zama saurayi na biyu ko ya sani ko bai sani ba. Wanda kuma bai sa iyakar asara ba sam, ba shi da wani kashi da zai ambata, domin kasuwa ce za ta yanka masa.

Akwai wani tarko a nan. Mutum ya buɗe ciniki uku lokaci ɗaya, kowanne kashi 2, yana ganin ya rarraba ƙafa. Amma idan duka ukun hasashe ɗaya ne, misali cewa dala za ta sauka a kan yuro da fam da zinariya, to labari ɗaya daga Amurka zai iya kwashe su tare. Wannan ciniki ɗaya ne na kashi 6. Shi ya sa lissafin kwabo da na kawo a sama sassauci ne ma: kwabo ba ya tuna abin da ya fito ɗazu, amma kasuwa tana shiga yanayin da bai dace da hanyar mutum ba ta daɗe a ciki, faɗuwa ta riƙa zuwa a dunƙule.

Ba ƙananan 'yan kasuwa kaɗai ba

A watan Maris na 2008 ma'aunin Kasuwar Hannun Jari ta Najeriya ya kai maki 66,371, lokacin da mutane ke cin bashin banki suna sayen hannun jari. Zuwa Maris na 2009 ya faɗo ƙasa da 20,000. Gangarar kusan kashi 70 kenan, irin ta saurayi na uku. Shekara ɗaya ta ishi faɗuwar, amma ma'aunin bai sake taka wancan matsayi ba sai a watan Agusta na 2023, bayan shekara 15. Kuma a naira ne ya dawo. A Maris na 2008 dala ba ta kai naira 120 ba, a Agustan 2023 ta haura 700. Masu sana'ar canji sun fi kowa gane cewa wannan dawowar ta lamba ce kawai.

Bitcoin ma haka. Ya kai kusan dala 69,000 a Nuwamban 2021, ya sauko wajen 16,000 a Nuwamban 2022, gangarar kusan kashi 77. Sai da ya ninka kansa fiye da sau huɗu kafin ya koma, kuma hakan bai faru ba sai a Maris na 2024. Shi ya dawo. Ɗimbin ƙananan kuɗaɗen kirifto da suka faɗi tare da shi ba su dawo ba har yau. Wannan yana nuna fuska ta biyu ta gangara da ake yawan mantawa: ban da zurfinta, akwai tsawonta. Mai cin abinci daga asusun ba zai iya jiran shekara biyu ba. Idan saurayi na biyu yana cire 30,000 duk wata don cefane da kuɗin data, daga 500,000 kashi 6 ne, amma daga 239,000 ya haura kashi 12. Ramin yana ƙara zurfi ko da bai sake faɗuwa ba.

Abin da za ka duba idan kuɗinka ne a hannun wani

Kada ka karɓi hoton ribar rana ɗaya. Ka ce a turo maka cikakken rahoton tarihin asusun, na aƙalla wata uku. A manhajar MetaTrader 4 ta kwamfuta ana fitar da shi daga `Account History`, kuma a ƙasansa akwai layuka uku masu kama da juna. `Absolute Drawdown` yana nuna iya yadda kuɗin suka taɓa sauka ƙasa da abin da aka fara zubawa, don haka yana iya zama ƙarami ko da an yi mummunar faɗuwa daga sama. `Maximal Drawdown` shi ne gangara mafi girma a adadin kuɗi. `Relative Drawdown` shi ne mafi girma a kashi cikin ɗari, kuma shi ne za ka ɗauka ka saka a lissafin ramuwa na sama.

Sai dai wannan rahoto cinikin da aka rufe yake ƙirgawa. Akwai masu ƙin rufe cinikin da ke faɗuwa don kada asarar ta fito a rubuce. Maganin wannan shi ne ka nemi hoton fuskar asusun na yanzu, ka gwama lambobi biyu: `Balance` da `Equity`. Ta farko ba ta san da asarar da ke buɗe ba, ta biyu ita ce ainihin abin da zai rage idan aka rufe komai a wannan minti. Idan ta farko tana cewa dala 300, ta biyu tana cewa 170, to kuɗinka 170 ne. Idan ta ci gaba da sauka, akwai matakin da dillali zai rufe cinikin da kansa ba tare da ya tambayi kowa ba, shi ake kira `Stop Out`.

Daga nan ka bi jerin faɗuwar da idonka, domin a nan ake bambance rashin sa'a na yau da kullum da matsalar hannu. Idan asarorin kusan girmansu ɗaya, girman ciniki bai canza ba ko ma yana raguwa, kuma tsawon jerin bai wuce shida ko bakwai cikin ciniki ɗari ba, wannan gangara ce ta al'ada, ba dalilin rigima da ɗan'uwa ba ne. Idan kuwa ka ga 0.02 ta koma 0.05, ta koma 0.10 bayan kowace faɗuwa, ko ka ga ciniki biyar cikin awa ɗaya a wurin wanda ya saba yin biyu a yini, ko asara guda ɗaya ta fi riba goma girma, to ba kasuwa ba ce, mutumin ne yake neman ramuwa da zafi.

A ganina abin da ya fi kyau shi ne a yi magana tun kafin kuɗi su bar hannu, yadda ake yi da wanda za a ba jarin shanu ko na albasa. A amince da kashi nawa ne a ciniki guda. A amince cewa idan gangara ta kai kashi 10, za a rage girman ciniki zuwa rabi. Idan ta kai kashi 20, a tsaya cak, a turo rahoto, a zauna a duba tare kafin a sake taɓa komai. Na zaɓi 20 ne saboda ramuwarta 25 ce, abin da hanya mai kyau za ta iya cikewa cikin watanni. Mai saka kashi 2 sai ya faɗi sau goma sha ɗaya a jere kafin ya kusanci wannan iyaka. Mai saka kashi 10 kuwa faɗuwa biyu sun kai shi kashi 19, ta uku ta tsallakar da shi zuwa 27.